Firjin rigakafi da sola a asibitin ƙauye: yadda muka raba shi da sauran kayan wuta

Asibitin ƙarami ne, na matakin farko, a wani ƙauye cikin jihar Jigawa, babu wayar lantarki ko ɗaya da ta iso garin. Ɗakin haihuwa ɗaya, ɗakin kwanciya mai gado huɗu, ɗan ɗakin magani, ɗan lungun gwajin jini, sai ofis ɗin incaj wanda nan ne kuma firjin rigakafi yake. Mutanen da asibitin yake ɗauka sun kai wajen dubu goma in an haɗa da rugage da ƙauyukan kewaye. Akwai sola a wurin tun da daɗewa, faranti biyu masu wat 300 kowanne, batir biyu masu 200Ah an jera su sun ba da bolt 24, sai firji irin na da mai aiki da batir. Ƙorafin da kwamitin ci gaban mazaɓa ya kawo mana, mu masu aikin sola, shi ne duk damina in marka ta kankama firjin sai ya riƙa ɗumi, har ta kai jami'in sanyin rigakafi na ƙaramar hukuma ya kwashe alluran ya mayar sito, ya ce ba zai sake ajiye ko kwalba ɗaya ba sai an gyara. Abin da hakan yake nufi a aikace shi ne duk ranar rigakafi sai an tura mai babur ya ɗauko allura da sassafe a akwatin sanyi, in hanya ta yanke saboda ruwa shi kenan mata su yi ta zama da jarirai har azahar su tashi, kuma jaririn da aka haifa da dare ba zai samu allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa ba, wadda ake so a yi cikin awa 24.

Su kwamitin abin da suka zo da shi a rai shi ne a sayi sabon batir a ƙara faranti. Da an yi hakan da an samu sauƙin shekara ɗaya ko biyu sannan a dawo gidan jiya, dan matsalar ba daga nan ta faro ba.

Abin da ya faru da tsohon tsarin

Allurar rigakafi a matakin asibiti irin wannan ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba sama ba ƙasa. A cikin firjin akwai ƴar na'urar nan mai riƙe bayanin kwana 30, Fridge-tag, kuma ita muka fara dubawa kafin mu taɓa ko waya ɗaya. Abin da ta nuna yana da ban sha'awa: kusan kullum cikin Agusta mafi girman zafin yini yana kai 10, 11, wata rana 12, amma alamar ALARM ba ta fito ba sai jefi-jefi. Dalili kuwa na'urar ba ta kuka saboda zafi sai an yi awa 10 a jere sama da digiri 8. Shi kuma firjin yana mutuwa ne cikin dare, ya ɗau lokaci kafin ya ɗumame, ya haura 8 wajen asuba, rana na fitowa ya tashi ya sauko kafin awa goman ta cika. Ma'aikacin da ke rubuta takardar safe da yamma yana ganin alamar OK yana rubutawa, bai yi ƙarya ba. Amma zafi a jikin allura taruwa yake, na jiya da na yau haɗuwa suke, shi ya sa ɗan murabba'in nan na VVM mai nuna zafin da allura ta sha, da ke jikin kwalaben ɗigon shan inna, ya fara duhu da wuri, kuma da shi jami'in ya gane akwai matsala. Duk wanda ke kula da firji ya kamata ya riƙa danna na'urar ya ga mafi girma da mafi ƙanƙantar zafin jiya, kar ya tsaya ga OK kawai.

Toh me yake kashe firjin cikin dare? Da muka bi waya sai ga inbata an ɗaura ta kai tsaye a kan batir ɗin firji, ta bayan kwantrola. Ba mugunta ba ce, ungozoma ce ta gaji da karɓar haihuwa da tocilar waya a baki, aka kira mai gyara ya saka kwan fitila biyu. Daga biyu suka zama shida, sai fanka, sai soket a baranda inda ake cajin waya. Ga lissafin abin da muka tarar a yini guda, a ma'aunin Wh, wato wat sau awa:

```
firji                      800 Wh
kwai 6 x 10 W x awa 6      360 Wh
fanka 60 W x awa 8         480 Wh
waya 20 x 10 Wh            200 Wh
inbata 25 W x awa 24       600 Wh
jimla                     2440 Wh
```

Ku lura da layin inbatar nan. Ko ba a kunna komai ba, muddin tana kunne tana cin wat 25 nata na kanta, dare da rana, kuma ba wanda ya taɓa kashe ta. Abin da take ci a banza ya kusa kamo abin da firjin kansa yake ci. Mutane da yawa in suna lissafin sola ba sa saka wannan, kuma a ƙananan tsari irin na asibitin ƙauye sau da yawa ita ce babbar mai ci ta biyu.

Batir ɗin kuma, 200Ah sau bolt 24 ya ba da 4800 Wh a rubuce, amma batir mai ruwan asid in kana so ya yi rai rabi kawai za ka riƙa ɗiba, 2400 kenan. Firji shi kaɗai zai yi kwana uku a kai in babu rana. Da aka ɗora sauran kaya sai kwana ukun nan ya koma kwana ɗaya cur. A ɓangaren faranti, wat 600 a watan Maris da ake samun kamar awa 6 na cikakkiyar rana, bayan an cire asara, yana kawo wajen 2340 Wh, kaga yana dai lallaɓawa da ƙyar. A Agusta in muka ɗauki awa 4.5 sai ya sauko wajen 1750. Giɓin kusan 700 kullum. Cikin kwana uku zuwa huɗu rabin batir ya tafi, daga nan kullum a ƙasa yake kwana, bai ƙara cika ba har damina ta fita, kuma batir mai asid da ya yi makonni bai cika ba faranten cikinsa suna kama wani farin gishiri da ba ya sakewa. Alamar a fili take: da hantsi mita ta nuna ya haura bolt 28 kamar ya cika, bayan magariba kaɗan ya faɗo ƙasa da 23 kwantrola ta yanke firjin. Batir mai lafiya a hankali yake hawa a hankali yake sauka. Kuma tunda inbatar ba ta bi ta kwantrola ba, an yanke firji amma fitilun baranda suna nan suna ci. Wato tsarin da kansa ya fifita cajin waya a kan allura ba tare da kowa ya yanke wannan shawara ba.

Shawarar da muka tsaya a kai

Da muka zauna da kwamiti, mai gari yana wurin, na ce ranka ya daɗe, abu biyu ne a nan ba ɗaya ba. Firji yana buƙatar wutar da hannun kowa ba zai kai gare ta ba, asibiti kuma yana buƙatar wutarsa da za ta ishe shi har ba wanda zai ji sha'awar taɓa ta firji. In aka yi na farko aka bar na biyu, wallahi wata uku ba za a yi ba wani zai sake jan waya, kuma ba zan ga laifinsa ba in mace ce take zubar da jini cikin duhu.

Ga firji akwai hanya biyu. Ko dai a ci gaba da mai batir a gyara lissafi, ko a koma irin wanda ake kira SDD, mai jan wuta kai tsaye daga faranti babu batir ko ɗaya. In mai batir ne, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kwana biyar ba rana:

```
800 Wh x 5 = 4000 Wh
4000 / 0.5 = 8000 Wh
8000 / 24 V = 333 Ah
```

Batir huɗu kenan masu 200Ah saboda firji ɗaya, a ɗakin da zafinsa yake wuce digiri 40 a bazara. Batir mai asid ana auna ransa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 ransa yana raguwa da kusan rabi. Toh wa zai sayi sabbi huɗu in suka mutu? Wannan tambayar ce ta fi lissafin nauyi, dan firjin sola masu batir da yawa da ke zaune a asibitocin ƙauye ba injinsu ne ya lalace ba, batir ne ya mutu ba a samu kuɗin canji ba.

SDD kuwa da rana kwamfireso yana aiki yana daskarar da ruwan da ke cikin bangon firjin ko wani ma'ajin sanyi a gefe, da dare wannan ƙanƙarar ce ke riƙe ɗakin allura a sanyinsa. Sanyin ake tarawa maimakon wuta. Ba abin da za a sace a kai gida, ba inda za a maƙala inbata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin kayan da ta gwada ta amince da su, ana ce masa PQS, kuma duk SDD da ke cikin jerin sai ya iya riƙe sanyi aƙalla kwana uku cikin ƙarancin rana, wasu suna wuce haka sosai. Abin da za a duba a takardar firjin shi ne an gwada shi a yanayin digiri 43, dan akwai waɗanda na digiri 32 ne kawai, su ba na ƙasarmu ba ne. Irin waɗannan firjin ne hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, take rarrabawa mazaɓu da tallafin ƙungiyar rigakafi ta duniya, Gavi, saboda haka kwamiti bai shiga kasuwa ba, ta hannun ƙaramar hukuma aka bi. Firjin gida na kasuwa, ko da an haɗa shi da sola mai kyau, bai dace ba: kusa da wurin ƙanƙara yana daskarar da abu, bakin ƙofa kuma ɗumi, in wuta ta ɗauke cikin ƴan awanni ya huce.

Maganar daskarewa ma ya kamata a tsaya a kanta kaɗan, dan mu nan zafi kawai muke tsoro. Penta mai kare cuta biyar, allurar ciwon hanta, ta tetanus ɗin masu ciki, ta namoniya da ta shan inna wadda ake tsirawa, duk in suka daskare sun tashi aiki, kuma VVM ba ya nuna wannan, zafi kaɗai yake gani. Na'urar kwana 30 ɗin tana kuka in sanyi ya sauka ƙasa da -0.5 na tsawon awa ɗaya. Shi ya sa a SDD ba a taɓa saitin sanyi, daga kamfani yake zuwa a daidaice, kuma kwandunan da suka zo da shi ba ado ba ne, su ke hana kwalba jingina da bango.

Girman firji mun fitar da shi daga yawan yara. Ana ƙiyasta ƴan ƙasa da shekara ɗaya da kashi 4 cikin ɗari na jama'a, yara 400 kenan a shekara. Muka ware wa kowane yaro santimita kubik 300 na wurin ajiya a matsayin ma'aunin tsari, ya zama lita 120 a shekara, lita 10 a wata tunda wata-wata ake kawo kaya. A ƙara kashi 25 na ko-ta-kwana, sannan a tuna ba a cika firji maƙil, kamar kashi biyu cikin uku ake amfani da shi dan iska ta zagaya, sai ya zo wajen lita 19. Amma akwai lokacin gangamin rigakafi, akwai ƙananan wuraren sha-ka-tafi da ke ɗiba daga nan, akwai kuma allurar oksitosin ta tsayar da jini bayan haihuwa da ita ma take son sanyi kuma an yarda a ajiye ta a nan in an ware mata kwando an rubuta a jiki. Sai muka nemi mai lita 40 zuwa 50, da ɗan sashen daskarar da fakitin ruwa saboda masu fita ƙauyuka da akwati.

SDD yana zuwa da farantansa da wayarsa a haɗe, an riga an gwada su tare, ba aikinmu ba ne mu rage ko mu ƙara. Aikinmu wurin kafawa ne, kuma nan ne ake yawan ɓata abu mai kyau. A rufin da tsofaffin farantan suke akwai darbejiya ta gabas, da aka kafa su ƙila ƙarama ce, yanzu inuwarta tana kan faranti har wajen goma na safe. A tsarin batir wannan asara ce kawai, a SDD kuwa kwamfireso ba ya tashi sam sai hasken ya kai wani mataki, inuwar reshe ɗaya a kan ƴan ƙwayoyin faranti tana iya hana shi tashi. Ba mu sare bishiyar ba dan nan mata ke zaman jira, sai muka kafa farantan a kan dogon ƙarfe ta kudu da ginin inda ba inuwa daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kuma wayar da ta zo da kayan ta isa ba tare da an yi mata ƙari ba. Fuskar faranti kudu, karkata kamar digiri 15. A wannan yankin muna wajen digiri 12 arewa, kuma daga ƙarshen Afirilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tsaka tana ɗan karkata arewa da mu ne, saboda haka in aka miƙar da faranti sosai kamar yadda ake gani a hotunan Turai, a daidai watan da muka fi buƙata za a yi asara. In kuma aka kwantar da shi shamɓal ruwa ba zai wanke ƙura ba. Shi firjin kuma nesa da taga, tazarar kamar santimita 30 daga bango dan zafin bayansa ya fita. Bayan an haɗa ba a saka allura nan take, sai an bar shi kwanaki, yakan kai mako, har ma'ajin sanyin ya cika kuma na'urar ta nuna ya zauna tsakanin 2 da 8 dare da rana. Wannan haƙurin yana da wuya in ranar rigakafi ta matso, amma firjin da bai tara sanyi ba kwana ukun nan babu shi.

Wutar asibitin kanta

Nan ne aka fi doguwar muhawara, a kan me ake kira dole. Ma'aunin da muka yi amfani da shi mai sauƙi ne: in abin nan ya mutu ƙarfe biyu na dare, akwai wanda ransa ko lafiyarsa za ta shiga haɗari? Hajiya mai karɓar haihuwa ta ce Injiniya, ni dai ka ba ni haske a kan gado da wurin da nake duba jariri, sai fanka ɗaya saboda mai naƙuda a bazara. Incaj ya nemi madubin gwajin jini da cajin kwamfutar hannu da suke tura rahoto da ita. Mai gadi ya nemi fitilar waje, kuma yana da gaskiya, mace ba ta son shigowa asibiti mai duhu, ɓarawon faranti kuma yana so.

```
ɗakin haihuwa 3 x 10 W x 8      240
sauran ɗakuna 4 x 7 W x 6       168
fitilar waje 2 x 10 W x 11      220
fanka DC 25 W x 8               200
waya da kwamfutar hannu         100
kayan gwaji                     100
injin zuƙar majina               50
jimla 1078, da ƙarin 20%  ~ 1300 Wh
```

Fitilu da fanka duk muka mayar da su masu aiki da wutar batir kai tsaye, inbata ƙarama ce mai makunni a ɗakin gwaji, a kunna in za a yi aiki a kashe in an gama, 600 ɗin nan ta ɓace kenan. Abin da bai shiga ba: dutsen guga, hita ta dafa ruwa, talabijin, gidan ma'aikata, da tukunyar tafasa kayan aiki ta lantarki wadda ita kaɗai tana jan sama da wat dubu, aka bar ta a kan gas. Cajin wayar jama'a ma bai shiga ba, amma ma'aikata an ba su ramukan USB huɗu a ofis, dan in ka hana mutum abin da yake buƙata kullum zai nemo hanyarsa.

Kwana nawa za a riƙe ba rana? A nan na ce biyu, ba uku ko biyar ba, kuma dalilin shi ne bambancin firji da fitila. Firji ba ya iya rage cinsa in hadari ya rufe, mutum kuwa yana iya kashe fanka da fitilar baranda. Sannan kwanan marka ba duhu ba ne ƙirin, faranti yana ɗan kawo wani abu ko da kwata ne. Kowane ƙarin kwana kuɗin batir ne tsagwaronsa, kuma batir mai girma da farantansa ba su iya cika shi ya fi ƙarami saurin mutuwa in mai asid ne.

```
1300 x 2 / 0.8 = 3250 Wh
25.6 V x 200 Ah = 5120 Wh
```

Mun zaɓi lithiyom irin LiFePO4, wanda ake iya ɗibar kashi 80 nasa, ba a zuba masa ruwa, kuma zama rabi-rabi ba ya kashe shi. Mai 100Ah yana da 2560 kawai bai kai ba, sai muka hau mai 200Ah. Yana sabo zai ba da wajen kwana uku, in ya tsufa ƙarfinsa ya koma kashi 80 har yanzu yana da kwana biyu da rabi. Lissafin kwana a kan tsohon batir ya kamata a yi shi, ba sabo ba. Shi ma dai ba ya son zafi, saboda haka ɗakin da ya fi sanyi aka sa shi, cikin kejin ƙarfe mai iska da kwaɗo.

Faranti kuma da watan da ya fi muni ake lissafa shi, ba matsakaicin shekara ba. Asarar da nake cirewa kashi 35 ce, ga inda take fitowa: faranti a rana yana kai digiri 60, kuma kowane digiri sama da 25 yana rage kamar kashi 0.35, wajen 12 kenan, ƙura a ba ta 10, waya da kwantrola 7, shiga da fitar batir 10. Ba tarawa ake yi ba, kowanne daga abin da ya saura ake cire shi, sai ya zo wajen 35.

```
1300 / (4.5 x 0.65) = 444 W
(1300 + 870) / (4.5 x 0.65) = 742 W
```

Layin farko shi mafi yawan masu haɗawa suke tsayawa a kai, kuma shi ne kuskuren. Wat 444 zai ciyar da yinin yau ne kawai, ba zai biya bashin kwana biyun da aka ci ba, in wani hadarin ya biyo baya sai ya tarar da batir fanko. Kwana biyu 2600 ne, in ana so a mayar cikin kwana uku sai a ƙara wajen 870 kullum, shi ne layi na biyu. Muka saka biyu masu wat 400, da kwantrola MPPT mai 40A tunda 800 a raba da 25.6 ya ba da wajen 31. Tsofaffin farantan nan biyu ba a zubar ba, suna da sauran rai, an ajiye su dan gidan ma'aikata ya samu nasa daban.

Sai abin da nake gani ya fi komai amfani a wannan ɓangaren, wato raba layi biyu. Layin ɗakin haihuwa da injin zuƙa daban, sauran daban. In batir ya sauko rabi, layi na biyu yana yankewa da kansa, na ɗakin haihuwa ya ci gaba. In fitilar baranda ta ɗauke kowa ya san alama ce, ba lalacewa ba. Kowane layi da fis ɗinsa, da bireka ta DC tsakanin faranti da kwantrola, da abin kare tsawa da sandar ƙasa, dan ƙarfe dogo a fili cikin damina kiran aradu yake. Wayoyi duk cikin bututu saboda ɓera.

Abin da zai sa ya ɗore

Hazo shi ne jarrabawa ta biyu bayan marka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana rage hasken tun daga sama sannan ta kwanta a kan gilashi, kuma babu ruwan da zai wanke. Wanki sau ɗaya a mako a hunturu, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba omo ba soso mai kaushi. An saka sunan mai wankin a takarda, kuma tsani na asibitin ne ba aro ba, dan aikin da sai an aro tsani ba a yinsa. Yadda za a gane an makara: kwamfireson SDD da ya saba tashi wajen takwas ya koma sai tara da rabi alhali gari garau. Wata-wata a goge ƙurar bayan firji, a share ruwan da ke taruwa a ƙasansa, a gwada robar murfi da takarda, in ka rufe a kanta ka ja ta fito salin-alin robar ta saki. Buɗe murfi kuma a taƙaita, a ɗebi na yini gaba ɗaya a akwatin sanyi da safe, ba ruwan sha ba zoɓo a ciki komai zafin azumi.

Duk da haka inji ne, wata rana zai tsaya. A jikin bango kusa da firjin akwai takarda da Hausa: in zafi ya wuce 8 kuma kwamfireso bai tashi ba rana tsaka, kar a yi ta buɗewa, a duba bireka da faranti, a kira jami'in sanyi, a shirya babban akwatin sanyi. Irin mai dogon zango na PQS yana riƙe aƙalla awa 96 a digiri 43 in an cika shi da fakitin ƙanƙara ba a buɗe ba. Fakitin da zai zauna da Penta sai an bar shi ya fara narkewa har ka ji ruwa yana motsi in ka girgiza. An rubuta asibiti mafi kusa mai firji, da hanyar da ake bi in ta rafi ta yanke, kuma kwamiti ya ware kuɗin man babur saboda wannan kaɗai.

Damina ta zagayo, marka ta yi kwanakinta, bayanin na'urar bai fita daga tsakanin 2 da 8 ba, layi na biyu ya yanke a wasu darare, na ɗakin haihuwa bai yanke ba. Jami'in ya dawo da allura.

Buƙatar da ke gaban kwamiti yanzu injin iskar oksijin ne saboda yara masu namoniya, kuma na roƙe su kar a soka shi a wannan tsarin. Mai lita biyar yana jan wajen wat 350, yaro ɗaya in ya kwana ya yini a kai 8400 Wh kenan, ya ninka duk cin asibitin sau shida, batir ɗin nan ko dare ɗaya ba zai kai da shi ba in an haɗa da fitilu. Shi ma nasa faranti da batir da inbata zai buƙata, da silinda a gefe saboda ranar da hadari ya rufe.